Ikweshan biyu, tabbaci biyu

Ina aji uku na ƙaramar sakandare aka fara koya mana ikweshan biyu da ake warwarewa tare, inda ake neman darajar x da ta y a lokaci guda. Hanyar kawar da harafi ɗaya ce ta fi kwanta mini a rai, domin dabararta a fili take: ka sa lambar da ke gaban harafi ɗaya ta zama iri ɗaya a ikweshan biyun, sai ka tara su ko ka ɗebe ɗaya daga ɗaya, harafin ya ɓace, ka rage da harafi guda da za ka nema. Na ɗauka na gama ƙwarewa, har ranar da aka dawo mini da takardar gwaji da jan biro a kan wata tambaya da na tabbata na duba amsarta kafin in miƙa.

Ga tambayar:

(1) 4x + 3y = 18
(2) 4x − 2y = 8

Duka biyun suna da 4x, don haka ɗebewa ce za ta kawar da x. Na ɗebe (2) daga (1). A gefen dama, 18 − 8 ya ba ni 10, wannan daidai ne. A gefen hagu kuwa, idona ya ga 3y da 2y, hannuna ya rubuta y. Na samu y = 10. Na mayar da 10 cikin (1): 4x + 30 = 18, wato 4x = −12, x = −3. Lambobi cikakku ne, babu ragowa, sai hankalina ya kwanta. Na kuma duba kamar yadda aka ce a riƙa yi: 4 sau −3 ya ba da −12, a tara da 30, ga 18. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, na wuce.

Da na kai wa malaminmu takardar, na ce, "Malam, ai na duba, kuma ta fito daidai." Bai yi gardama da ni ba. Ya ce, "A wace ikweshan ka duba?" Na ce a ta farko. Ya ce, "Daga wacce ka samo x?" Na ce daga ta farko. Sai ya miƙo mini biro ya ce in gwada ta biyu. 4 sau −3 ya ba da −12, a ɗebe 20, ya zama −32. Ikweshan kuwa 8 take nema.

Na daɗe ina juya wannan a raina, domin a nan ne na fahimci abin da dubawa take nufi. Ikweshan da ka yi amfani da ita wajen samo harafi na biyu ba za ta taɓa ƙaryata ka ba. Ko wace lamba ka ba y, ko 10 ce ko 100, ikweshan (1) za ta ba ka wata x da ta dace da ita, kuma idan ka mayar da su biyun cikinta, dole su yi daidai, tunda daga cikinta x ɗin ta fito. Abin da dubawata ta tabbatar kawai shi ne ban yi kuskure wajen samo x daga y ba. Kuskuren da na yi tun wajen ɗebewa, ikweshan (2) ce kaɗai za ta iya tona shi, ita ce kuma na tsallake. Ikweshan guda mai haruffa biyu tana da amsoshi marasa iyaka. Wanda ake nema shi ne ma'aurata guda na x da y da za su gamsar da duka biyun.

Kuskuren kansa ƙarami ne. Abin da ake ɗebewa daga 3y shi ne −2y, da alamarsa. Ɗebe abin da ke da alamar ɗebewa kuwa tarawa ce: 3y − (−2y) = 5y. Saboda haka 5y = 10, y = 2. A mayar cikin (1): 4x + 6 = 18, 4x = 12, x = 3. A (1), 12 + 6 = 18. A (2), 12 − 4 = 8. Duka sun amsa.

Tun daga ranar na daina ɗebe ikweshan da ka. Idan ɗebewa ta kama, nakan sake rubuta ikweshan da zan ɗebe da dukkan alamominta a juye, sannan in tara. A wannan tambaya, (2) za ta koma −4x + 2y = −8. In tara ta da (1), 4x da −4x su kashe juna, 3y da 2y su ba da 5y, 18 da −8 su ba da 10. Layi ɗaya ne ya ƙaru a takarda, amma alamar tana gaban idona, ba na riƙe ta a kai. Wasu abokaina suna ganin ɓata lokaci ne. Ni a ganina, sakan goman da ake kashewa a wannan layi sun fi sauƙi a kan sake tambayar daga farko.

Akwai wani wuri na biyu da dubawa ke yaudarar mutum, shi ma sai da na faɗa cikinsa. Yana zuwa ne idan lambobin da ke gaban haruffan ba iri ɗaya ba ne, sai an ninka:

(1) 3x + 2y = 16
(2) 5x − 3y = −5

A nan y ta fi sauƙin kawarwa, domin alamominta sun riga sun saɓa, tarawa kawai za a yi. Ƙaramar lambar da 2 da 3 suke shiga ita ce 6. A ninka (1) sau 3, ta zama 9x + 6y = 48. A ninka (2) sau 2, ta zama 10x − 6y = −10. A tara: 19x = 38, x = 2. A mayar cikin (1): 6 + 2y = 16, y = 5. A (2), 10 − 15 = −5, kamar yadda aka bayar.

Inda ake tuntuɓe shi ne a ninka gefen hagu a manta da na dama, a rubuta 9x + 6y = 16. Daga nan za a samu 19x = 6, amsar da ba ta rabuwa daidai. Irin wannan takan sa in tsaya in sake duba ninkin, ko da yake ba hujja ba ce, domin akwai tambayoyin da amsarsu ta gaskiya ba cikakkiyar lamba ba ce. Haɗarin shi ne mutum ya duba amsarsa a cikin ikweshan da ya ninka da hannunsa. Idan ninkin ne ya lalace, gurɓatacciyar ikweshan tana iya yarda da gurɓatacciyar amsa. Shi ya sa nake komawa kan biyun da aka rubuta a tambayar, ina karanta su daga takardar tambaya, ba daga kwafin da na yi ba, domin ko a kwafi alama takan faɗi.

Wani lokaci kuma haruffan biyu ne ke ɓacewa tare. Ɗauki 2x + 3y = 6 da 4x + 6y = 17. Ninka ta farko sau 2 ya ba da 4x + 6y = 12, idan aka ɗebe ta daga ta biyu sai a ga 0 = 5. Farkon da na ga haka na goge aikina sau biyu ina neman kuskure, alhali babu. Ikweshan biyun ne ke musanta juna, babu x da y da za su gamsar da su. A kan giraf, layuka biyu ne da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su haɗuwa. Da a ce 12 ce a madadin 17, da an samu 0 = 0, ma'ana ikweshan ɗaya ce aka rubuta sau biyu, kuma duk x da y da suka gamsar da ta farko sun gamsar da ta biyu.