Laraba, ranar da aka kawo wa Malam wasiƙa

Yau da hantsi, ana tsakiyar karatu, wani ƙaramin yaro ya leƙo zaure ya miƙo takarda a ninke, ya ce yayansa ne ya aiko a ba Malam. Tun da yana ta rufe wa Malam ido ɗaya ni nake karanta mashi duk abin da aka rubuta da boko, don haka ya ce in riƙe sai an tashi.

Na daɗe a zauren nan, amma ban taɓa ganin an nemi shiga karatu ta wasiƙa ba. Abin da muka gada a Katsina shi ne uba ko kawu ya kamo hannunka, a zo a durƙusa a gaisa, ya ce ga amana nan. Magidanci kuwa da kansa yake zuwa, ya zauna daga bakin ƙofa yana saurare har Malam ya lura da shi ya tambaye shi wane littafi ya kawo.

Da aka watse na buɗe. Ya fara da bisimilla da salati da Larabci, hannunsa mai kyau, sannan ya koma boko. Ya yi dogon yabo, har da cewa garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani ba ya rasa magada. Malam ya ɗaga hannu ya ce in tsallake wannan, in je inda buƙata take. Ga abin da ya rubuta a wurin:

"Allah Ya gafarta Malam, ni maraya ne, mahaifina ya rasu ina ƙarami, kawuna kuma yana Kaduna, ba ni da wanda zai kawo ni gabanka. Na gama sakandare, na yi sauka a Islamiyya. Nakan tsaya a bayan tagar zaurenka in na dawo daga kai wa mahaifiyata niƙa. Ina roƙo a ba ni wuri ko a kan takalma ne. Kuma ina son in fara da Muhtasar, domin na saurari karatunsa da yawa a waya."

Da na kai kan Muhtasar, babban littafin fiƙihun nan, sai Malam ya yi murmushi. Bai ce a rubuta amsa ba. Ya ce in aika a gaya wa yaron ya zo bayan La'asar, kuma ya fara shaida wa mahaifiyarsa inda za shi.

Ni dai ban ga laifinsa ba. Wanda bai zauna a zaure ba yana ɗauka karatu jawabi ne, kowa ya zo ya ji ya tafi. A wurinmu kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya jiya. Wanda ya riga zuwa shi ke fara matsowa gaban buzu, ya ja baƙi gaɓa gaɓa, Malam yana fassara mashi da Hausa, ba ya duba littafi. In ka yi kuskuren wasali ya tsayar da kai nan take. Abin da za a ƙara maka bai fi layi uku ko huɗu ba, in mas'ala ce mai wuya ma layi ɗaya, ka je ka yi ta bita har gobe. Shi ya sa ake hawa daki daki: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, sai Risala, sai Askari, kafin a kai ga Muhtasar. Shi Muhtasar an matse maganarsa ƙwarai, kalma biyu na iya ɗauke da hukuncin da ba za ka gane ba sai ka san shi tun daga ƙananan littattafai, ga shi kuma yana son nahawu. Akwai masu furfura a zauren nan da har yanzu ba su kai shi ba.

Bayan La'asar ya zo. Siririn saurayi ne, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa. Malam ya ce, "Matso, ɗana. Kai ne mai wasiƙa?" Ya ce, "Ni ne, Allah gafarta Malam." Ya tambaye shi ko gyatumarsa ta sani, ya ce ta sani, har ta sa albarka.

Sai Malam ya ce, mutum ne yana sallar Azahar shi kaɗai, ya gama raka'a ta biyu, ya manta bai zauna tahiya ba ya miƙe tsaye. Me zai yi? Yaron ya amsa da sauri, ya ce zai ci gaba, ya yi sujada biyu kafin sallama, wato ƙabli, tunda ragi ya yi. Malam ya ce madalla. To in ya tuna tun hannuwansa da gwiwoyinsa ba su rabu da ƙasa ba fa? Yaron ya ɗan yi jim, ya ce shi ma ƙabli. Malam ya ce a'a, wannan komawa zai yi ya zauna, babu sujadar komai a kansa. To wanda ya riga ya miƙe cak, sannan ya dawo ya zauna? Yaron ya ce sallarsa ta ɓaci. Nan ma Malam ya girgiza kai: bai kamata ya dawo ba, amma in ya dawo sallarsa ta yi, sai dai yanzu ƙari ya yi, don haka ba'adi zai yi bayan sallama.

Ya ƙara mashi ɗaya. Wanda ƙabli ya hau kansa ya manta har ya sallame? Yaron ya sunkuyar da kai. Malam ya juyo gare ni, na ce in ya tuna da wuri sai ya yi sujadar nan take, in kuwa an jima ko ya fita masallaci ta wuce shi, kuma in sunna uku ko fiye ya bari, sallar ma sai ya sake ta. Ba'adi kuwa ko bayan shekara ya tuna zai yi abinsa.

Duk waɗannan suna cikin babin rafkanuwa na Ahalari, ɗan littafin da ake sayarwa a bakin masallaci. Malam bai faɗa mashi haka da gatse ba. Ya ce, "Ka ji da kunne, kunnenka kuma mai kyau ne. Amma waya ba ta tsayar da kai in ka yi kuskure. Za mu fara daga Ahalari." Na duba fuskar yaron in ga ko ransa ya ɓaci, don na sha ganin masu takardar makaranta an ce su koma ƙasa, sun yi sallama ba su sake dawowa ba. Shi cewa ya yi, "Na gode, Allah Ya ƙara wa Malam lafiya," muryarsa na rawa.

A raina na so a ɗora shi a kan Iziyya, don baƙinsa ya fi na wasu da ke Risala, na ji da ya karanta. Na faɗa wa Malam haka bayan Magariba. Ya ce mai irin wannan baƙin ba zai daɗe a Ahalari ba, kuma yana so ya ga ko zai jure zaman jiran layi a bayan masu facin taya da 'yan tireda. Ban sake cewa komai ba, ko da yake har yanzu ina ganin Iziyyar ba za ta fi ƙarfinsa ba.

Tunda yau Laraba ce, ranar da malamanmu suke son a buɗe sabon littafi, kuma gobe da jibi babu karatu, Malam bai bari ya tafi haka nan ba. Aka ari littafin wani, ya ja layin farko, wanda ke cewa farkon abin da ya wajaba a kan baligi shi ne ya gyara imaninsa, aka fassara mashi, aka yi fatiha. Ya zaro 'yan kuɗi daga aljihu zai ajiye sadaka a gefen buzu, Malam ya ce ya mayar, ya je ya sayi nasa littafin kafin Asabar, mai manyan baƙi da fili a gefe. Ni kuma aka ɗora mani yi mashi bita kullum kafin layi ya zo kansa, wato daga Asabar sai na riƙa rufe shago da wuri.