Ai ba yau zuma ta fara harbina ba

Ina bakin aikin yamma a asibiti aka shigo da wani dattijo da ƙudan zuma ya harba a wuya wajen cire saƙa. Jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, yana ta susa. Ya ce min, "'Yata, ai ba yau zuma ta fara harbina ba." Wannan magana ta kwantar min da hankali, na ɗauka borin jini ne kawai, na ba shi maganin ƙaiƙayi. Nan na yi kuskure.

Harbin da ya sha a da shi ne ya ɗana tarkon. A jikin wasu mutane, idan dafi ya fara shiga, garkuwar jiki takan ƙera wani furotin, imunogulobulin E, wanda muke kira IgE, mai gane wannan dafin kaɗai. Sai ya je ya maƙale a bayan ƙwayoyin mast, waɗanda ke zaune a fata da hanyar numfashi da hanji da gefen jijiyoyin jini, cikinsu dam da ƙunshin histamin, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da kumburi. Mutum ba ya jin komai. Ranar da dafin ya dawo, sai ya kama IgE biyu maƙwabta ya haɗa su, ƙwayar ta zazzage abin da ke cikinta cikin mintuna.

Idan a fata abin ya tsaya, ƙaiƙayi ne da kumburi. Idan ƙwayoyin suka zazzage a ko'ina lokaci guda, jijiyoyi su saki, ruwan jini ya tsiyaye cikin tsoka, hanyar iska ta tsuke, wannan shi ne anafilaksis.

Ban yi minti goma ba na ji muryar Baba ta dushe. Leɓɓansa sun kumbura, ƙirjinsa na fito, awon jininsa ya faɗi zuwa 80/50. Na ɗauko allurar adiranalin mai ƙarfin 1:1000, na zuƙi rabin mililita, wato miligiram 0.5, na yi masa a tsokar gefen cinya. Ya yunƙura zai tashi, na ce, "Baba, kada ku miƙe," domin miƙewa a wannan hali na iya hana jini komawa zuciya. Muka ɗaga ƙafafunsa, muka sa iskar oksijin da ƙarin ruwa. Bayan minti biyar fiton bai lafa ba, na sake yi masa ta biyu, sannan numfashi ya daidaita.

Abin da har yau yake damuna shi ne mintunan da na ɓata. Maganin ƙaiƙayi histamin kaɗai yake tarewa, kuma a hankali yake aiki, alhali ƙwayoyin mast suna sakin wasu sinadaran masu tsuke huhu. Adiranalin ne ke matse jijiya, ya buɗe hanyar iska, ya rage zazzagewar ƙwayoyin.

Mun kwantar da shi har safiya, saboda ciwon kan iya dawowa bayan sa'o'i ba tare da sabon harbi ba. Tun daga ranar, duk wanda ya ce min ya saba da harbi ko da wata allura, muryarsa nake fara saurara, hannuna a kan akwatin adiranalin.