Rarar miliyan 20 da ta koma giɓi a hannuna

A ƙarshen shekarar 2016 ina sashen kuɗi na wata hukumar gwamnatin tarayya a Abuja, kuma ni aka ɗora wa haɗa lissafin shekara. Wannan ce shekarar farko da aka ce kowace ma'aikata ta koma tsarin akuruwal na IPSAS, wato ƙa'idojin lissafin kuɗin gwamnati na duniya. Tun 2010 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a bi ƙa'idojin, aka fara da na tsabar kuɗi a 2014, sannan akuruwal ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2016. Mun sha zuwa bita a otal-otal, an ba mu jakunkuna da takardu. Amma ban gane abin ba sai da na zauna da fayilolinmu.

Tsarin da muka tashi a ciki ba shi da wuya. Kuɗi ya shigo asusu, ka rubuta. An biya bauca, kuɗi ya fita, ka rubuta. Abin da bai taɓa asusu ba, a wajen littafi bai faru ba. Shi kuwa akuruwal cewa yake yi ka rubuta abu ranar da haƙƙi ya hau kanka ko ya zama naka, ko da ko kwabo bai motsa ba. Mai shagon unguwa ya san wannan: idan ya karɓi buhun sukari bashi, ya san akwai nauyi a wuyansa tun ranar da aka sauke buhun, ba sai ranar biya ba.

Zan daidaita alƙaluman don sauƙin bi. A shekarar an sakar mana naira miliyan 500, mun kashe miliyan 480. A tsohon lissafi muna da rarar miliyan 20, kuma Darakta ya riga ya fara faɗa wa mutane haka.

Sai na buɗe durowar da muke ajiye fayilolin da ke jiran biya. A sama akwai na wani ɗan kwangila da ya gyara rufin ofis da bututun ruwa. Ya gama aiki a watan Nuwamba, injiniya ya duba ya sa hannu a takardar kammalawa, kuɗinsa miliyan 60. Ba a biya shi ba. Bawan Allahn nan kusan kullum yana zaune a benci a ƙofar ofishinmu, hularsa a gwiwa, har masinjoji sun san irin shayin da yake sha. Duk ginin an san ana bin mu wannan kuɗi, littafinmu ne kaɗai bai sani ba. Ƙarƙashin fayil ɗinsa kuma ga takardun kuɗin wuta na wata uku, miliyan 9. A akuruwal duka biyun kashe-kashen 2016 ne, domin a 2016 aka yi mana aikin, a 2016 muka sha wutar. Miliyan 480 ta zama 549.

Ba duka gyaran lissafin ne ya yi mana illa ba. A watan Janairu mun sayi motar bas ta ma'aikata kan miliyan 30, tsohon lissafi ya haɗiye kuɗin gaba ɗaya a shekara guda kamar wanda aka sayi fetur da shi. Alhali motar na nan a farfajiya, za ta yi mana aiki na shekaru. Da muka ƙiyasta mata shekara biyar, abin da shekara ɗaya ta ci daga darajarta miliyan 6 ne, sauran 24 kadara ce. Haka hayar wani ƙaramin ofishinmu: kun san masu gidajen Abuja, sai an ba su kuɗin shekara biyu a dunƙule. Mun biya miliyan 24 a farkon shekara, amma rabi ne kawai na 2016. Da na cire 24 na mota da 12 na haya daga 549, sai ya rage 513.

Na kai wa Darakta takardar. Ya daɗe yana kallonta ta saman tabarau.

"Malam, ina rarar tamu ta shiga?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin suna nan a asusu, miliyan 20 cif. Amma ainihin abin da shekarar ta ci miliyan 513 ne. Giɓin miliyan 13 gare mu."

Ya ce, "To wanne ne gaskiya?"

Na ce duka biyun. Ɗaya yana faɗin abin da ke aljihu, ɗayan yana faɗin ko mun ci fiye da ƙarfinmu.

A nan na fahimci dalilin da masu neman gyara suka nace wa akuruwal. A lissafin tsabar kuɗi, duk wanda ke riƙe da biro yana iya ƙawata shekararsa ta hanya mafi sauƙi: ya ƙi biya. Ya danne fayil zuwa Janairu, shi ke nan ya yi tsimi a takarda. Ariyas na albashi, giratuti da fanshon da ma'aikata suka riga suka cancanta, bashin 'yan kwangila, duk suna iya taruwa shekara da shekaru ba tare da sun leƙo a lissafin shekara ba, sai sabon shugaba ya zo ya tarar da su. Haka kadara: tunda an rubuta ta a matsayin kuɗin da ya tafi, babu lejar da za ta tambayi inda take. New Zealand ce ta yi fice wajen fara wannan sauyi, bayan dokar kuɗinta ta 1989.

Kuskurena na farko ya zo a Fabrairun 2017. Aka biya ɗan kwangilar nan miliyan 60 ɗinsa, hannuna da ya saba ya shigar da biyan a matsayin kuɗin gyaran gini, kamar yadda na yi shekara da shekaru. Ke nan na caji aiki ɗaya sau biyu, a 2016 da 2017. Daidai shi ne biyan ya goge bashin da aka riga aka rubuta. Wata abokiyar aikina ce ta gano, da ta ga lejar masu bin mu bashi tana nuna har yanzu mutumin na bin mu, alhali ya yi sati uku ba a gan shi a benci ba. Tun daga lokacin, kowane ƙarshen wata nakan jera sunayen da ke lejar in gwada da fayilolin durowa ɗaya bayan ɗaya.

Rajistar kadara ce ta fi ba mu wahala. Ƙa'ida ta 33 ta IPSAS ta ba masu fara tsarin shekara uku su tantance kadarorinsu, na kuwa ga dalili. Mun yi makonni muna bin ofis-ofis da takarda, muna leƙa bayan na'urar sanyaya ɗaki don karanta lamba. Wani jannareto babu rasit ɗinsa, sai ƙiyasi.

Ƙiyasin nan kuwa shi ne raunin akuruwal, kuma ban cika jin an faɗe shi a bita ba. Da na ba bas ɗin nan shekara goma maimakon biyar, da giɓinmu ya sauka zuwa miliyan 10 ba tare da komai ya sauya a farfajiya ba. Alƙaluman tsabar kuɗi odita na iya gwada su da takardar banki, amma shekarun mota ra'ayi ne, sai dai a bi tsayayyar ƙa'ida ɗaya. Ga shi kuma kasafin da Majalisar Tarayya ke amincewa da shi na tsabar kuɗi ne, don haka dole mu ci gaba da fitar da jadawalin da ke gwada kasafi da abin da aka kashe a zahiri. Aiki ya ƙaru, ma'aikata ba su ƙaru ba.

A Disambar da ta biyo baya, tun kafin in fara haɗa komai, Darakta ya aiko masinja ya kira ni. Bai tambayi nawa ya rage a asusu ba. Cewa ya yi in kawo masa jerin fayilolin da ke cikin durowa, da ranar da aka sa hannu a kowace takardar kammala aiki.