Fam ɗin da na rage daga gida 22 zuwa 8

Shagon kawuna ne nake riƙe ma lissafi nan Mabera, kifi da kaji daskararru muke saidawa, firiza huɗu da yara uku. Duk wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu ya san firiza in ta tsaya dare guda to sai dai haƙuri. Bayan mun yi asara sau biyu ba wanda ya iya faɗin yadda anka yi, sai na ce bari in haɗa fam na rahoto, duk abin da ya faru a cike.

Na farko da na haɗa wallahi abin dariya ne, na kwaikwayi na wani babban kamfani, gida 22, har da sashe da lambar ma'aikaci da matakin haɗari da sa hannun mutum uku, a shagon da duka-duka mu biyar ne. Wata guda babu wanda ya taɓa shi. Da na matsa ma babban yaronmu sai ya ce "Yaya, mi za ni rubutawa nan, ni da kwastoma na tsaye?" Kuma gaskiyarshi.

Sai na zauna da biro ina bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, kowanne in tambayi kaina, in an cike wannan wa zai karanta, kuma mi zai yi da shi? In babu amsa in soke. Takwas sunka rage, rabin takardar A4: kwanan wata da sunan mai rubutu, wace firiza ko wane wuri (na manna masu lamba 1 zuwa 4 don a daina cewa "waccan ta lungu"), lokacin da anka gano, lokaci na ƙarshe da anka ga abin lafiya lau, abin da ka gani, abin da anka yi nan take, asara, sai na ƙarshe wanda ni ko Kawu ke cikewa, gyaran da za a yi da wanda zai yi da ranar da zai gama.

Gidan da ya fi wahalar sokewa shi ne "Laifin wa?" don Kawu na son shi ƙwarai. Na ce mashi Kawu, muddin wannan na nan ba za ku taɓa samun gaskiya a takarda ba, yaro ba ya rubuta abin da zai sa a cire mashi albashi. Haka na cire "dalili" ma, saboda kowa "an ɗauke wuta" yake rubutawa ko bai duba ba. Abin da ido ya gani kawai nake so, fitilar firiza a kashe take ko a kunne, ƙanƙara ta narke ko da saura, akwai ruwa a ƙasa ko babu.

Gidajen lokaci biyun nan na fam ɗin kuwa su sunka yi mana aiki. Wata Talata an buɗe shago 7:10 na safe, firiza ta 3 shiru, yaro ya rubuta an ganta tana aiki 9:30 na dare, kwali biyu na shawa na sama sun saki, an maida sauran cikin ta 1. Kwana tara bayan nan ga wani rahoto, ta 3 da ta 4, kusan lokutan guda. Da na jera takardun sai na ga duka biyun akwai jimla ɗaya a gidan abin da ka gani: ƙwan shago ma bai kamawa sai da anka juya makunni. Ashe in an ɗauke wuta da marece ana juya layin zuwa janareta, a tashi rufewa a kashe janareta a manta ba a maida makunnin ba, wuta ta dawo cikin dare maƙwabta na sha mu muna duhu. Ta 1 da ta 2 na kan sola shi ya sa ba su ji ba, ta 4 kuma karon farko babu kaya cikinta, ba wanda ya kula. A tsohon fam da gida ɗaya na "lokacin da abin ya faru" 7:10 za a rubuta, mu yi ta zargin safiya.

Gyaran bai ci ko sisi ba, takarda munka liƙa jikin ƙofa daidai kwado, wanda ya rufe ya duba makunni ya sa hannu, sunan babban yaron a gidan ƙarshe da ranar Asabar.

Inda har yanzu fam ɗin ke ba ni matsala gidan asara ne. Da farko kuɗi nake sa a rubuta, sai yara su yi ta ƙiyasi, wani ya rage don tsoro. Yanzu kwali ko kilo ake rubutawa, ni in juya shi zuwa naira da farashin sari na ranar. Kuma dole a cike kafin a tashi aiki ran nan, a ɗauki hoto a turo min ta WhatsApp, don na lura in takarda ta kwana 9:30 kan koma "bayan isha'i".