Babur mai cinye batir yana ajiye: yadda muke gano ɓarawon wuta

Shagon gyaran wutar babur nake da shi a cikin garin Sakkwato, kuma ƙorafin da ya fi yawan zuwa mana, daga 'yan kabu-kabu har ma'aikata, shi ne cewa batir ya mutu. Yawancin masu wannan ƙorafi sun riga sun sayi sabo kafin su zo, shi ma ya bi sahun na farko. Abin yana damuna, domin a mafi yawan lokuta batirin ba shi da laifi, wani abu ne a jikin babur ɗin yake kashe shi, kuma mitar awon wuta ɗaya ta isa ta nuna ko mene ne cikin mintuna kaɗan. Shi ya sa na kafa wa yarana doka cewa ba a cire batir a ce ya lalace sai an yi awo uku.

Awon farko na batirin ne shi kaɗai. Ana juya mita zuwa DC 20V, a ɗora jar waya a kan alamar + baƙa kuma a kan alamar −, bayan babur ya huta. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka, wanda ya sauka zuwa 12.0 kuwa cajinsa ya kusa ƙarewa. Sai a danna sitata ana kallon mita. Idan lambar ta faɗi ƙasa da 10, alhali an cika batirin da caji, to ƙarfinsa ya tafi.

Awo na biyu na caji ne. A tayar da inji, a murɗa totur zuwa matsakaici, a kunna fitila. Abin da ake so a gani shi ne tsakanin 13.5 da 14.5. Idan lambar ta tsaya a 12 da 'yan kai ko tana raguwa, wuta ba ta isa batir, sai mu zare soket ɗin rektifaya, wato na'urar da ke gyara wuta kafin ta shiga batir, mu auna wayoyin da suka fito daga koyil, wanda ke samar da wutar a cikin inji, wannan karon a kan AC. Koyil mai lafiya wutarsa tana hawa da hawan totur har ta kai bolt 40 ko fiye, gwargwadon irin babur. Idan koyil yana bayarwa amma batir ba ya samu, zargi ya koma kan rektifaya, ko soket da ya ƙone, ko wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen babur wadda tsatsa ta cinye. Akwai kuma akasin haka, inda mita take wuce 15. Nan ɓangaren da ke daidaita wuta ne ya lalace, alamarsa kwan fitila yana yawan ƙonewa, ruwan batir yana ƙafewa, jikinsa yana kumbura. A zafin watan Afrilu na Sakkwato, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, irin wannan batir ba ya daɗewa ko kaɗan.

Awo na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya warware matsalar wani malamin makaranta da ya turo mana ƙaramin babur ɗinsa daga Arkilla. Ya ce daga Litinin zuwa Juma'a sitata tana tashi ba gardama, amma idan ya ajiye shi bayan sallar Juma'a, ranar Litinin da safe ko hon ba ya kuka sosai, sai ya yi kik. Wannan ne batirinsa na biyu cikin 'yan watanni. Muka cika batirin da caji, ya nuna 12.6, da aka danna sitata ya sauka 10.8, inji na aiki kuma ya hau 14.1. Duk wanda ya tsaya a nan zai sallame shi ya ce babur lafiya lau.

Na ce masa, "Malam, babur ɗinka yana caji daidai. Saura mu ga abin da yake ci idan kana barci."

Ga yadda ake yi. A kashe makulli a zare shi, a kwance wayar − daga kan batir, a mayar da jar wayar mita ramin da aka rubuta 10A, a juya mitar zuwa awon amfiya na DC, sannan a sa mitar a tsakani, bakinta ɗaya a kan batir, ɗayan a kan wayar da aka kwance, ta yadda duk wutar da za ta fita sai ta ratsa ta cikin mita. Idan lambar ƙarama ce sai a koma rami da awon mA, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya, domin a karanta ta da kyau. A wannan hali ba a kunna makulli, ba a taɓa sitata, domin fiyus ɗin mitar zai ƙone nan take. Babur irin nasa, wanda ba shi da na'urar ƙararrawa ko ta bin sawu, bai kamata ya wuce mA 1 ko 2 ba. Nasa ya nuna 45.

Lambar tana da kamar ba komai, amma lissafi ya nuna girmanta. A jikin batirinsa an rubuta 12V 5Ah, Ah kuwa ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ne. Zubar mA 45 na awa 24 ya haura Ah 1 a kowace rana, don haka daga azahar ɗin Juma'a zuwa safiyar Litinin kusan Ah 3 sun tafi, wato fiye da rabin batirin. A ranakun aiki tafiyar makaranta tana mayar da abin da dare ɗaya ya ci, shi ya sa bai taɓa lura ba.

Daga nan sai neman ɓarawon, kuma hanyarsa ita ce a riƙa cire abu ɗaya bayan ɗaya ido na kan mita. Kullum muna farawa da abin da ba kamfani ne ya sa ba. A ƙarƙashin kan babur ɗin akwai cajar waya da aka ja mata wuta kai tsaye daga batir, an naɗe mahaɗin da baƙin salatif da zafi ya narkar, ƙaramar fitilarta shuɗiya tana ci dare da rana. Da muka yanke ta, mita ta sauko zuwa 35. Yarona ya ɗauka an gama, na ce masa ya dubi lambar da kyau. Da ya zare soket ɗin rektifaya, sai ta faɗi zuwa 1.

Dalilin shi ne a cikin rektifaya akwai diyod, waɗanda aikinsu kamar ƙofa ce mai buɗewa ta fuska ɗaya, suna barin wuta ta tafi daga koyil zuwa batir, suna hana ta komowa. Zafi da daɗewa sukan sa ɗaya ya fara yoyo, kuma tun da a babura da yawa wayar rektifaya tana haɗe da batir ba tare da ta bi ta makulli ba, wutar takan sulale ta baya ko da babur yana kashe. Irin wannan rektifaya tana iya ci gaba da caji yadda ya kamata, don haka awo na biyu ba ya kama ta.

Muka sa sabuwa, bayan mun tabbatar cewa tsarin wayoyinta ya dace da na babur ɗin, domin a kasuwa akwai masu soket iri ɗaya amma haɗinsu na ciki daban, kuma wadda ba ta dace ba tana iya ƙona kwan fitila ko ta ƙi caji. Cajar wayar kuwa muka mayar da ita bayan makulli, muka sa mata fiyus nata. Aka sake awo, caji 14.2, zuba mA 1. Batirin ne na yi shakka a kansa, saboda batirin da ake yawan bari ya faɗi ƙasa yana rage ɗaukar caji ko da an gyara musabbabin. Muka cika shi, muka bar shi a shago ba a haɗa shi da komai ba har kwana biyu, ya riƙe 12.5, kuma bai sauka ƙasa da 10.5 ba a kan sitata, don haka na ce wa malamin ya ci gaba da amfani da shi.