Mabuɗin kuɗinka a hannun wa yake?

Wannan ce tambayar farko da muke yi wa duk wanda ya shigo shagonmu da ke titin Ahmadu Bello a Kaduna yana son a saita masa ajiyar kirifto. Mabuɗin shi ne lambar sirrin da ke ba da ikon kashe kuɗin. Kuɗin da ke dandalin musaya amana ce ka bayar, mabuɗin na hannunsu, kai dai lissafi kake gani a allo. Masu ajiya a dandalin FTX sun ɗanɗana kuɗarsu a Nuwamban 2022 da aka tsayar da cire kuɗi. Walat ɗin waya kuwa mabuɗin naka ne, sai dai yana zaune cikin wayar da kullum take kan intanet. Na kuɗin juyawa ne.

Ajiya mai nauyi sai na'ura, irin Ledger ko Trezor. Mabuɗin ba ya fita daga cikinta. Waya ce ke shirya ciniki, na'urar ta sa hannu bayan ka danna maɓallinta. Amfanin ɗan allonta ke nan: akwai muguwar manhaja mai sauya adireshin da ka kwafo, to ka gwada shi da wanda na'urar ta nuna, harafi bayan harafi, kafin ka danna.

A ce mutum zai kwashe USDT 2,000, wato kirifton da ke bin darajar dala, daga dandali. Na'urar da kanta za ta fitar da kalmomin da ake dawo da mabuɗin da su, guda 24, ko 12 a wasu samfuran, ya rubuta a takarda da hannunsa, mu kuma mu juya baya. Ba hoto, ba turawa ta WhatsApp. Sai ya aika USDT 10 na gwaji, bayan ya tabbatar hanyar da ya zaɓa, TRC20 ko ERC20, ita ce ta adireshin karɓa. Sun sauka, sannan sauran su biyo. Ledger tana goge kanta idan an kuskure PIN sau uku a jere. Kalmomin nan ne kaɗai za su dawo da kuɗin.

Abin da ke ƙona mana rai shi ne masu sayar da na'ura da araha, da kalmominta a rubuce cikin kwali. Wanda ya rubuta su yana da kwafi, jira kawai yake ka zuba kuɗi. Duk da haka sai a zo ana ce mana tamu ta yi tsada.

Abin da ya rage a dandali kuma, a sa masa tantancewa mai mataki biyu. Lambar da ke zuwa ta saƙon tes tana da rauni, domin ɓarawo na iya karɓe layinka da sabon sim. Gara Google Authenticator, mai fitar da lamba shida da ke sauyawa duk daƙiƙa 30, ko babu sabis. Ka rubuta lambar sirrin da ke tare da QR ɗin da dandali ke nunawa lokacin saita manhajar, saboda ɓatan waya. Idan lambar ta ƙi shiga, duba agogon wayar, galibi shi ne ya kauce. Wannan kariyar ta asusun dandali ce kawai. Wanda ya samu kalmominka ba ya buƙatar wata lamba.