Fayil ɗin keɓaɓɓun kalmomi: inda na kai, da abin da kalmar rigakafi ta sa na gyara

'Yan'uwa masu koyon fassara, wata huɗu ke nan da na fara tara keɓaɓɓun kalmomin aikina a fayil guda, wanda nake kwafewa in liƙa a farkon kowane zaman aiki. Dalilin liƙawar shi ne manhajar da nake fitar da daftarin farko da ita ba ta riƙe shawarar da aka yanke a zaman jiya, ni ma kuma ban fi ta riƙo da yawa ba idan mako biyu ya shiga tsakanin babi da babi. A yau ina so in ba ku labarin yadda fasalin fayil ɗin ya sauya a hannuna, domin abin da na soma da shi bai yi aikin da na zata zai yi ba.

Da farko layi biyu kawai na yi, kalmar Turanci a hagu, ta Hausa a dama, kamar yadda ƙaramin ƙamus yake. Na yi ta zuba kalmomi har suka haura 300, ina jin daɗin ganin yana tsawo. Aibin wannan tsari bai fito ba sai da na karɓi aikin wasu takardun wayar da kai a kan lafiyar yara. A cikin fayil ɗina akwai `vaccine`, da `vaccination`, da `prevention`, kuma a gaban kowacce na rubuta rigakafi, a ranaku daban-daban, ba tare da na lura cewa na ɗora kaya uku a kan kalma ɗaya ba. Kowane layi daidai yake idan an dube shi shi kaɗai. Amma sai ga wata jimla da marubucin ke cewa yin allurar ita ce hanya mafi inganci ta hana kamuwa da cutar, daftarin kuwa ya fito da "rigakafi shi ne mafi kyawun rigakafi". An bi fayil ɗina sau da ƙafa, kuma biyayyar ce ta haifar da jimlar da ba ta faɗa wa uwar yaro komai ba.

Gyaran da na fara yi shi ne na mayar da `vaccine` allurar rigakafi, tun da haka mutane suka saba faɗa. Wannan ya tafi lafiya har shafi na shida, inda aka zo kan cutar shan inna. Maganin shan inna da aka fi sani ɗiga shi ake yi a bakin yaro, ɗigo biyu, ba a tsira masa allura, ko da yake akwai wani nau'in da ake bayarwa ta allura. Daftarin ya ce "a ɗiga wa yaro allurar rigakafi a baki". Wanda ya saba da maganar zai gane abin da ake nufi, amma takardar da ke bambanta nau'in ɗigo da nau'in allura a shafi guda ba za ta iya kiran su biyun allura ba. A nan na gane cewa abin da ya kamata in adana shi ne shawarar da na yanke tare da iyakarta, wato a wace ma'ana kalmar take aiki, a ina kuma take tsayawa. Ga yadda waɗannan layuka suke a fayil ɗin yanzu:

```
vaccine | maganin rigakafi | nm, shi | abin da ake bayarwa, ɗigo ko allura | BA: rigakafi kaɗai
vaccine (injected) | allurar rigakafi | mc, ita | idan allura ce tabbas
vaccination | yin rigakafi | aikin bayarwa
prevention | hana kamuwa; kariya | BA: rigakafi, idan takardar na maganar vaccine
```

Gurbi na uku, na jinsi, shi ne wanda na fi so ku tsaya a kansa, domin samfuran da muke kwaikwaya galibi an tsara su ne da Turanci a zuciya, inda sauya suna ɗaya ba ya taɓa sauran jimla. A Hausa ba haka abin yake ba. Lokacin da na yanke shawarar komawa maganin rigakafi, na yi amfani da umarnin nema da musanyawa na sauya duk wuraren a lokaci guda, na tura aikin ina ganin na gama. Mai duba aikin ta dawo mini da shi da ja a wurare goma sha ɗaya. Akwai "maganin rigakafi tana kare yaro", akwai "sabuwar maganin rigakafi", akwai kuma inda aka ce "a ajiye ta a wuri mai sanyi" jimla biyu bayan sunan, inda idona bai kai ba. Allura mace ce, magani namiji, saboda haka sauya ɗaya da ɗaya yana jan wakilin suna, da sifa, da harafin da ke haɗa sifar da sunan, duk su biyo baya. Na ji kunyar wannan kuskure ƙwarai, domin ba rashin sanin Hausa ba ne, gaggawa ce. Tun daga ranar kowane suna a fayil ɗin yana ɗauke da jinsinsa, da jam'insa idan jam'in na da fuska biyu, kuma na daina danna musanya duka. Ɗaya bayan ɗaya nake bi, ina karanta jimlar da wadda ke biye mata.

Gurbin ƙarshe, wanda nake farawa da BA, ya fi sauran amfani a wurina. Kalmar da na ƙi ɗauka yawanci kalma ce mai kyau, wadda hannu zai sake kaiwa gare ta gobe idan ban rubuta cewa na riga na auna ta na ajiye ba. Nakan ƙara dalili a kalma uku ko huɗu. Idan babu dalilin, bayan wata biyu ni da kaina zan zo in ga layin, in yi zaton kuskure ne, in "gyara" shi in koma gidan jiya.

Sai batun tsawo. Fayil mai layi 300 da ake liƙawa kowane zama yana da illa biyu da na gani da idona. Ta farko, kalmomin wani fanni suna kutsawa cikin wani. Na taɓa fassara wata takarda ta harkar banki inda `interest` ke nufin kuɗin ruwa, layin ya zauna a fayil ɗin, sai ga shi ya ɓullo a takardar tarbiyyar yara inda ake maganar sha'awar yaro ga karatu. Ta biyu, idan jerin ya yi yawa, bin sa yakan yi rauni, nawa da na manhajar, har kalmar da ke can tsakiya ta zama kamar ba a rubuta ta ba. Don haka na raba shi gida biyu. Akwai na gindi, wanda bai kai layi 40 ba, mai ɗauke da abin da ba ya sauyawa ko wane aiki nake yi, kamar ƙa'idojin rubutu da kalmomin da ke zuwa a ko'ina. Akwai kuma ƙaramin fayil na kowane aiki, inda kalmomin fannin suke tare da zaɓin mai aikin. Su biyun nake liƙawa, na gindi a sama, na aikin a ƙasa, da layi ɗaya da ke cewa idan sun saɓa na aikin ne ke da rinjaye. Wannan layin ya zama dole ne saboda masu ba da aiki ba bakinsu ɗaya ba: wani yana son manhaja, wani yana son a bar sunan kamar yadda yake a allon waya, kuma daidaiton da ake biyana dominsa shi ne daidaito da abin da mai aikin ya riga ya wallafa. Kalmar da kowane mai jin harsunan biyu zai fassara ta hanya ɗaya, na cire ta gaba ɗaya. Abin da ya cancanci layi shi ne kalmar da ke da fassara biyu masu kyau, ko wadda na taɓa yin tuntuɓe a kanta.

Ɓangaren haruffa masu ƙugiya ya ci mini yini guda. Na fara ajiye fayil ɗin a matsayin CSV, wato rubutun da waƙafi ke raba gurabunsa, na buɗe shi a Excel wata safiya sai na tarar ƙ ta koma `Æ™`, ɗ ta koma `É—`. Haruffan ba su lalace ba. An adana su ne da tsarin UTF-8, inda kowane ɗayansu ke cin gurbi biyu, manhajar kuwa ta karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, wanda ke ɗaukar kowane gurbi harafi mai zaman kansa. Haɗarin yana wurin adanawa: idan ka sake adana fayil ɗin a wannan hali, tarkacen ne zai zauna. Idan kun ga irin waɗannan alamomi, ku rufe ba tare da adanawa ba, ku sake buɗewa kuna zaɓar UTF-8. Ni dai na koma rubutu zalla mai ƙarewa da `.txt`, na kuma daina amfani da waƙafi a matsayin mai raba gurabu, tun da bayanina kansa cike yake da waƙafi. Tazarar maɓallin `Tab` ita ce manhajoji irin su OmegaT ke karɓa a jerin kalmominsu, amma wajen liƙawa takan rikiɗe ta zama fili kawai a wasu akwatunan rubutu, shi ya sa na zaɓi sandar tsaye, wadda ake ganinta da ido.

Akwai wata matsala da ta fi wannan ɓuya. Hamzar da ke cikin al'umma ko 'ya'ya tana iya zama miƙaƙƙiya, tana iya zama lanƙwasasshiya idan manhajar rubutu ta sauya ta da kanta, kuma ga kwamfuta waɗannan haruffa biyu ne daban. Sai ka nemi kalma a ce maka sau uku ta zo, alhali sau tara ta zo. Haka nan 'y da ake rubutawa a Najeriya da ƴ da ake rubutawa a Nijar, da kuma rigakafi da riga-kafi. A saman fayil na gindi na rubuta wanda na zaɓa a kowanne, fayil na aikin kuma yana iya soke shi idan masu karatun na wancan ɓangaren ne.

Liƙa fayil a farkon zama ba ya tabbatar da cewa an bi shi, don haka a ƙarshen zama nakan nemi abubuwan da na haramta wa kaina:

```
grep -n -i -E "riga-kafi|riga kafi|allurar rigakafi" babi3.txt
```

Umarnin yana fito da dukan layin da kalmar take ciki, tare da lambarsa. Na farko da na biyu kuskuren rubutu ne, gyara kawai suke so. Na uku kuwa halattacce ne a wani wuri, haramtacce a wani, saboda haka sai na karanta kowace jimla in tabbatar allura ce da gaske. A babin da na gama jiya ya fito sau bakwai, biyu daga ciki a sashen ɗigon baki suke.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne kalmomin aikatau, waɗanda tsarin layi guda bai ɗauke su yadda ya kamata ba. Na rubuta `administer` a matsayin bayarwa, amma a cikin jimla takan zama ba, ko bai wa, ko ɗiga, ko yi wa, gwargwadon abin da ake bayarwa da wanda ake ba. A wannan makon na fara sa gajeriyar jimla ta misali a ƙarƙashin kowace irin wannan kalma, kamar "a yi wa yaro allurar a cinya" da "a ɗiga masa a baki", kuma na yi wa kalmomi takwas haka. Zan gwada su a babi na huɗu in ga ko tsawon da suka ƙara wa fayil ɗin ya biya kansa, kafin in taɓa sauran.